Sun ba ni minti 10 in yi gabatarwa a zagayen ƙarshe na intabiyu, ta ina zan fara?

Maman Amira: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawararku da gaggawa. Na nemi aikin jami'ar shiri a wata ƙungiya mai zaman kanta da ke tallafa wa allurar rigakafin yara a nan Kano. Na wuce rubutacciyar jarrabawa da intabiyun farko, yanzu saura zagayen ƙarshe ranar Alhamis. Jiya suka turo imel cewa zan yi gabatarwa ta minti 10 a gaban kwamitin mutum huɗu, sannan a yi min tambayoyi na minti 5. Sun ce in tura musu silayid ɗina kwana ɗaya kafin ranar. Tambayar ita ce: a cikin mazaɓun nan biyar, wanne zan ba fifiko, kuma me zan yi a kwana 90 na farko? Sun haɗo da alƙaluman shekara ɗaya, kuma sun ce na gwaji ne, ba na wata ƙaramar hukuma ta gaske ba. Ga su nan, yaran da ake sa ran yi wa allurar Penta, wadda ake yi wa jarirai sau uku, sai waɗanda suka karɓi ta farko wato Penta1, sai ta uku wato Penta3:

Mazaɓa A: 1,200, 1,080, 1,020
Mazaɓa B: 1,000, 900, 630
Mazaɓa C: 1,500, 750, 700
Mazaɓa D: 800, 360, 250
Mazaɓa E: 600, 690, 640

Daren jiya na zauna na haɗa silayid 18. Na fara da tarihin rigakafi a Najeriya, da muhimmancinsa, da ƙalubalen Arewa, sannan na zo kan mazaɓun. Da na gwada karantawa sai da na kai minti 21. Don Allah wanda ya taɓa yin irin wannan ya taimaka.

Ummi: Wa alaikumus salam Maman Amira, Allah ya sa a dace. Ni a nawa intabiyun da suka ce in gabatar da kaina, na fara da sunana da garinmu da makarantun da na yi, sannan wuraren da na yi aiki da abin da ya sa nake son aikin. Ki tabbata kin ambaci shekarun da kika yi a asibiti, suna son jin haka. Ki sa kaya masu kyau, ki riƙa murmushi.

Maman Amira: Na gode Ummi. Wancan mun yi shi a zagayen farko. Wannan aiki suka ba ni in warware musu a tsaye.

Bashir: Hajiya, 18 sun yi yawa ƙwarai. Ki rage zuwa 10, silayid ɗaya minti ɗaya, haka ake yi. Kuma ki ƙara girman rubutu, kada ya gaza 24, don wanda ke ƙarshen tebur ya iya karantawa. Idan kina so ki turo min in gyara miki launuka, in sa hotunan yara da ma'aikatan lafiya, in sa rubutun ya riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya. Gani na farko shi ke kama mutane.

Anti Rabi: Maman Amira, barka da kaiwa wannan matakin. Na sha zama a irin wannan kwamitin, bari in faɗa miki abin da ke faruwa a ɗaya ɓangaren teburin. Duk wanda ya kai zagayen ƙarshe an riga an yarda ya san aikin, takardunsa da jarrabawarsa sun nuna. Abin da ake son gani yanzu shi ne ko za ki iya duba alƙaluma ki yanke hukunci, ki faɗe shi a fili, ki tsaya a kansa idan an matsa miki. A gaban kowane ɗan kwamiti akwai takardar ba da maki, kuma yawanci layin farko a kanta shi ne: ta amsa tambayar da aka yi mata? To tambayar da aka yi miki kashi biyu ce kawai, wace mazaɓa da kuma me za ki yi. Tarihin rigakafi ba ya ciki. Mutanen da za ki tsaya a gabansu da wannan aikin suke cin abinci, duk mintin da kika ɓata kina gaya musu rigakafi na da muhimmanci, daga lokacin amsarki kika cire shi. Ki goge waɗannan shafukan gaba ɗaya, kada ki ji tausayin wahalar da kika sha a kansu.

Maganar Bashir kan girman rubutu gaskiya ce. Amma ban yarda da silayid ɗaya a minti ɗaya ba, kuma rubutu mai shigowa ɗaɗɗaya ki bar shi. Tun da za ki tura musu kafin ranar, wataƙila bugawa za su yi a takarda ko su buɗe a waya, duk wannan motsin ba zai fito ba, wani lokacin ma rubutun hawa kan juna yake yi. Biyar sun ishe ki. Kafin mu je can, gaya min: idan aka ce ki amsa cikin jimla ɗaya, wace mazaɓa kika zaɓa?

Maman Amira: Anti, gaskiya a silayid ɗin ban zaɓa ba, kowacce na rubuta mata shawarwari. Amma idan dole ne, D zan ce. Ita ce ta fi lalacewa, kashi 45 cikin 100 kaɗai suka karɓi ta farko.

Anti Rabi: To kin ga inda matsalar take. Ba yawan shafuka ba ne ciwon, rashin zaɓi ne ya haifi yawan shafukan. Wanda bai yanke hukunci ba dole ya yi maganar komai. Ɗauko biro mu bi alƙaluman tare, tambaya biyu kawai za mu yi wa kowace mazaɓa. Ta farko, yaran suna zuwa tun farko? Wannan Penta1 ce ke nunawa. Ta biyu, waɗanda suka zo suna dawowa su ƙarasa? Wannan kuma sai ki cire Penta3 daga Penta1, ki raba da Penta1, ki ninka da 100. Kin san idan ya haura kashi 10 ana ɗauka akwai matsala.

A lafiya lau take, kashi 90 sun zo, kuma ƙasa da kashi 6 ne suka zube. B ma kashi 90 sun zo, amma yara 270 cikin 900 ba su ƙarasa ba, kashi 30 ke nan. C akasin B ce: rabi kaɗai suka zo, amma wanda ya zo yana ƙarasawa, 50 ne kacal suka zube. D ta haɗa ciwon biyu. E kuma ki ajiye ta gefe tukuna, akwai magana a kanta.

Yanzu ki bar kaso ki ƙirga yara. Waɗanda ba su taɓa karɓar Penta ba a C su 750 ne, a D kuma 440. Sannan duk yaran da suka fara suka zube a mazaɓu biyar ɗin 540 ne, rabinsu cif a B suke. Da ni ce, jimlata ta farko ita ce: zan fara da C domin nan ne yaran da ba a kai gare su ba suka fi yawa, in haɗa da B domin yaranta sunayensu na cikin rajista, bin sahunsu ya fi sauƙi da arha. Wannan jimlar ce silayid ɗinki na farko. Ki faɗe ta kafin minti ɗaya ya cika.

Yaya Nura: Anti Rabi, da girmamawa, a nan ba na tare da ke. Aikin sa ido da tattara bayanai nake yi, kuma tsarin kai rigakafi ga kowace gunduma, wato RED, da WHO da UNICEF suka fito da shi a 2002, wanda a nan muke kira REW, wato kaiwa ga kowace mazaɓa, ya raba wurare gida huɗu. Inda zuwa ya yi ƙasa kuma zubewa ta yi yawa shi ne gida na huɗu, shi ne mafi muni. D ke nan. Wanda ya tsara wannan tambayar na tabbata da gangan ya sa kowace mazaɓa ta faɗa gida ɗaya, yana son ya ga ko za ta gane. Idan ta tsallake D, wani a kwamitin zai ce ba ta san tsarin ba. Hankalin Maman Amira na farko ya ba ta daidai.

Anti Rabi: Nura, rabon gidajen da ka faɗa haka yake, kuma na yarda da gangan aka tsara shi. Amma ka sani a tsarin nan ma ana duba yawan yaran da ba a yi wa ba kafin a jera fifiko, ba gidan kaɗai ake kallo ba. Kuma ba a tambaye ta wacce ta fi muni ba, an tambaye ta wacce za ta fara da ita cikin kwana 90. Wurin da ya haɗa rashin zuwa da rashin dawowa yawanci ciwonsa mai zurfi ne: ko babu ma'aikaci, ko firij ya mutu, ko hanya, ko tsaro, ko mutanen gari sun juya baya. Sabon jami'i ba ya gyara waɗannan a wata uku. Abin da zai iya shi ne ya je ya gano wanne ne.

Yaya Nura: Wannan hasashe ne Anti, alƙaluman ba su faɗi haka ba. C ɗin ma ba mu san me ya hana rabinsu zuwa ba. Kuma idan kullum mai sauƙi za a fara ɗauka, yaran D sai yaushe?

Anti Rabi: Tambayarka ta ƙarshe mai nauyi ce, kuma ita ce nake sa ran za a jefo mata. Maman Amira, ki lura da abin da ya faru yanzu. Mu biyu mun san aikin kuma mun saɓa, haka 'yan kwamitin ma za su iya saɓawa a tsakaninsu. Don haka kada ki ɓata kwanakin nan kina neman amsar da ke cikin kansu. Ki zaɓa, ki faɗi ma'aunin da kika yi amfani da shi da babbar murya, sannan ki faɗi abin da za ki yi da wadda ba ki zaɓa ba. Idan C da B kika ɗauka, ki ce: na san D ce a gida na huɗu, shi ya sa a mako biyu na farko zan je da kaina in gano dalili, kuma idan abin da na tarar mai saurin gyaruwa ne, zan mayar da ita gaba. Da wannan jimlar kin nuna kin san abin da Nura yake faɗa. Idan kuma D kika ɗauka, dole ki ce wani abu kan yara 750 na C. Abin da ba ya samun maki shi ne a ce duka biyar ɗin suna da muhimmanci.

Malam Lawal: Salamu alaikum, ni malamin makaranta ne, ban san harkar rigakafi ba, amma an taɓa sa ni koyar da darasin gwaji na minti 10 a wata makaranta mai zaman kanta. Na shirya komai a laftof, ina shiga aka ɗauke wuta, mai janareta kuma ba ya kusa. Shugabar ta ce in ci gaba a haka, agogo na tafiya. Abin da ya cece ni shi ne 'yar takardar da na rubuta kanun darasin a kai. Wanda ya shiga bayana ya tsaya jiran wuta, aka ce lokacinsa ya ƙare. Shawarata, 'yar uwa, ki shirya kamar babu majigi a ɗakin.

Bashir: Malam ya yi gaskiya. Ki adana shi PDF ban da na PowerPoint ɗin, ki sa duka biyun a filash, ki kuma tura wa kanki ta imel. Idan da laftof ɗinki za ki je, ki duba ko yana da ramin HDMI, wasu ƙananan babu sai da adafta. Ki buga kwafi biyar a takarda, huɗu nasu ɗaya naki. Amma Anti Rabi, silayid biyar ba za su ga kamar ba ta yi ƙoƙari ba? Wasu za su zo da abu mai kyau sosai.

Anti Rabi: Bashir, ban taɓa jin an rage wa wani maki don shafukansa sun yi kaɗan ba, amma na sha ganin an tsayar da mutum a shafi na tara, alhali shawararsa tana na sha biyu. A irin wannan zama akwai mai riƙe da agogo, domin wasu na jira a waje kuma dole a yi wa kowa adalci. Idan aka ce lokaci ya cika, abin da ba ka faɗa ba babu shi a takardar maki. Shi ya sa amsa take zuwa farko: ko an katse ta a minti na shida, ta riga ta amsa.

Ga yadda zan raba shi, Maman Amira. Shafin farko amsarki, minti ɗaya. Na biyu teburin mazaɓun, amma ba yadda suka turo miki ba, da lissafin da kika yi a kai, ki sa launi a wuri biyu kaɗai, 750 na C da 270 na B. A nan za ki daɗe, kamar minti biyu da rabi, domin nan ne hujjarki take. Na uku abin da za ki yi a kwana 90, minti uku. Na huɗu yadda za a san aikin na tafiya, minti ɗaya. Na biyar abin da kika ɗauka a matsayin zato da abin da zai iya hana ruwa gudu, minti ɗaya. Idan kin tara, minti takwas da rabi ke nan. Ragowar na sallama ne da numfashi, da ɗan jinkirin da ba a rasawa. Kuma kan kowane shafi ya zama cikakkiyar jimla. Maimakon ki rubuta "Nazarin alƙaluma", ki rubuta "Yaran da ba a kai gare su ba sun fi yawa a C, rabin waɗanda suka zube a B suke". Wanda ya karanta kanun shafuka biyar ɗin kaɗai ya kamata ya san duk abin da za ki faɗa.

Maman Amira: Allah ya saka da alheri Anti, yanzu na fara ganin hanya. Na zauna na yi tunani, C da B zan ɗauka, in yi wa D yadda kika ce. Yaya Nura ka yi haƙuri, zan ambaci gidajen huɗu a shafi na biyu. Ga abin da na rubuta na kwana 90. Wata na farko: ganawa da jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma da kwamitin ci gaban mazaɓa, da wayar da kan jama'a. Wata na biyu: horar da ma'aikata da fita ƙauyuka. Wata na uku: sa ido da rahoto. Burina in ɗaga Penta3 zuwa kashi 80 a mazaɓun biyu.

Anti Rabi: Ƙanwata, wannan jadawalin za ki iya liƙa shi a kan aikin noma ko na ilimin 'ya'ya mata ba tare da kin canza komai ba, kuma sauran masu neman aikin irinsa za su kawo. Ke da kika yi aiki a asibiti kin san abin da ake yi da hannu, shi nake so ki faɗa. A B ba wayar da kai ake buƙata da farko ba, uwayen nan sun riga sun kawo 'ya'yansu sau ɗaya. A buɗe rajista, a fitar da sunan duk yaron da ya wuce ranar dawowarsa, a raba sunayen unguwa-unguwa a ba masu unguwa da masu sa kai su bi gida-gida. Sannan ki je ranar allura ki zauna ki gani da idonki: ana rubuta ranar dawowa a kati ana kuma faɗa wa uwa da baki? Ana gaya mata yaro zai iya yin zazzaɓi ko wurin ya kumbura, da abin da za ta yi? An taɓa cewa su koma babu allura? Ɗaya daga cikin waɗannan ne yawanci ke korar uwa. A C kuma aikin daban ne: a zauna da dagaci da masu unguwa a lissafa duk rugage da ƙauyukan da ke nesa da asibiti, a ga waɗanda babu su a jadawalin fita, a nemi ungozoma da wanzamai su riƙa sanar da haihuwa. Ciwo biyu, magani biyu, kuma kwamitin yana son ya ji kin bambanta su.

Burin kashi 80 ɗin nan kuma ki cire shi, a kansa za a kama ki. Tsakanin kowace Penta da mai bi mata mako huɗu ne aƙalla, don haka yaron da ya karɓi ta farko yau ba zai kai ta uku ba sai bayan mako takwas. Kwana 90 bai cika mako 13 ba. Yaron da kika samo a C a mako na shida ba zai shiga lissafin Penta3 ba kafin wa'adinki ya ƙare. Saboda haka a C ki auna Penta1 da yawan fitar da aka tsara aka kuma yi. A B ne za ki iya alƙawarin Penta3, domin wasu allura ɗaya ta rage musu.

Yaya Nura: A wannan ina bayan Anti ɗari bisa ɗari. Kuma ki nuna lissafin inda burinki ya fito. Misali ki ce: idan asibitoci uku ne a C, kowanne ya fita sau ɗaya a mako tsawon mako 10, fita 30 ke nan, idan kowace fita ta samo sababbin yara 10, yara 300 ne cikin 750. Ki rubuta ƙarara cewa zato ne, tun da ba su ba ki yawan asibitoci ba. Mutum zai iya cewa 10 ta yi yawa ko ta yi kaɗan, amma ba zai ce daga sama kika tsinto lambar ba. Sannan kowa ya yi shiru a kan E. Yara 690 cikin 600, kashi 115 ke nan. Tarko ne. Na ga mai neman aiki ya yaba wa irin wannan mazaɓar ya ce a yi koyi da ita.

Ummi: To ba abin yabo ba ne? Ai sun wuce abin da aka ɗora musu.

Yaya Nura: A'a Ummi, ba za a yi wa yara fiye da waɗanda suke akwai ba. Ko dai ƙiyasin yawan yaran ne ya yi ƙasa, domin ana ɗaukar kashi 4 cikin 100 na yawan jama'a ne, shi kuma hasashe ne daga ƙidayar 2006, ko uwaye daga maƙwabciyar mazaɓa suke kawo 'ya'yansu can, ko an ƙirga wasu sau biyu, ko an yi kuskure wajen shigarwa a manhajar tattara bayanan lafiya ta DHIS2. Kuma abin da ya sa ya shafe ta: idan E na maƙwabtaka da C ko D, wasu daga cikin yaran da muke cewa ba a kai gare su ba wataƙila a E suka karɓa. Rarar ba ta wuce 90 ba, ba za ta goge 750 ba, amma ta faɗe shi a shafi na biyar. Jimla biyu sun isa.

Maman Amira: Wallahi na ga lambar, na ɗauka kuskuren bugawa ne daga wajensu. Har na yi niyyar tura imel in tambaye su. In tambaya? Da kuma maganar kasafin kuɗi, ba su faɗi ko nawa ne ba.

Bashir: Ni dai kada ki tambaya komai, za su ga kamar ba ki gane aikin ba.

Anti Rabi: Ya danganta da abin da za a tambaya. Maganar ɗaki da kayan aiki ki tambaya ba tare da fargaba ba: akwai majigi, da kwamfutarsu za ki yi ko da taki, PDF suke so ko PowerPoint. Imel ɗaya gajere. Amma E da kasafi suna cikin jarrabawar. Ko kin tambaya, amsar da za su ba ki ita ce ki yi aiki da abin da aka turo, don kada su ba ki abin da ba su ba sauran ba. Ki ce a gabatarwar: ba a ba ni kasafi ba, shi ya sa na fara da abin da ba ya cin kuɗi sosai, bin rajista, kuma babban abin kashewa shi ne man babur da alawus na masu fita.

Malam Lawal: Wani abu ke damuna a irin wannan. Ba za su iya kwashe dabarun mutum su yi amfani da su, su kuma ƙi ɗaukarsa ba? Wani abokina ya rantse haka aka yi masa a wani kamfani.

Anti Rabi: Malam, yana faruwa, musamman idan aka ce ka rubuto cikakken tsari a kan alƙalumansu na gaske, aikin kwanaki. A nan mutum yana da damar ya ja baya ko ya taƙaita. Amma nata alƙaluman gwaji ne na minti 10, kuma bin rajista ba sirri ba ne a wajen masu wannan aikin. Kada ta ɓoye komai.

Malam Lawal: To, Allah ya sa. Ni dai har yanzu zuciyata ba ta kwanta da tura wa mutane aiki tun kafin a gan ka ba.

Maman Amira: Saura maganar baki. Da Turanci zan yi, kuma idan na tsorata sauri nake yi. In rubuta duka in haddace?

Anti Rabi: Ki haddace abu biyu kaɗai, jimlolinki uku na farko da jimlar rufewa. Na farkon saboda a nan ne murya take rawa, idan kin wuce su jiki zai saki. Sauran kada ki haddace, domin idan wani ya katse ki da tambaya a tsakiya zaren zai tsinke, ki rasa inda za ki kama. Ki rubuta shi sau ɗaya don awo kawai. Mai magana a natse yana yin kalma 120 zuwa 130 a minti, don haka idan rubutunki ya haura kalma 1,100 ki san ya yi yawa, ki yanke. Daga nan ki ajiye rubutun, ki tashi tsaye ki yi da murya, kina ɗaukar kanki a waya. Karatu a zuci ruɗi ne, kullum ya fi gajarta. A PowerPoint akwai Rehearse Timings a ƙarƙashin Slide Show, zai nuna miki daƙiƙun da kika yi a kowane shafi, ki ga inda kike nutsewa. Idan a gida kina gamawa a minti 10 cif, a ɗakin za ki wuce, ki nemi tara ko ƙasa da haka. Ki kuma san tun yanzu abin da za ki tsallake idan aka ɗaga miki hannu saura minti biyu kina shafi na uku: ki taƙaita na huɗu a jimla ɗaya, ki tafi na biyar.

Minti biyar na tambayoyi kuma ki shirya musu kamar yadda kika shirya wa goman. Uku na tabbata za su zo ta wata siga: me ya sa ba D ba, me za ki yi idan ma'aikacin asibiti ko jami'in ƙaramar hukuma bai ba ki haɗin kai ba tun da ba a ƙarƙashinki yake ba, sai kuma me za ki bari idan aka rage kuɗi. Kowace amsa kada ta wuce minti ɗaya. Idan za ki koma wani shafi, ki danna lambarsa ki danna Enter, ba sai kin yi ta komawa baya ɗaɗɗaya ba.

Yaya Nura: Ni har yanzu da D zan fara, kuma da ina kwamitin sai na matsa miki a kai. Ki rubuto min amsarki nan, in ga ko za ta tsaya.

Maman Amira: Ga ta Yaya. D ce ta fi rauni, ban musa ba. Amma ban san dalilin rauninta ba tukuna, kuma idan na zuba kuɗin fita a inda firij ne ya mutu ko babu ma'aikaci, asara zan yi. Shi ya sa ita zan fara ziyarta a makon farko, in dawo da dalili a rubuce kafin mako na biyu ya ƙare, yayin da aikin rajista ya riga ya kankama a B.

Yaya Nura: Ta fi ta ɗazu nesa ba kusa ba. Amma zan sake tambayarki: C ɗin kin san dalilinta ne da za ki zuba kuɗin fita a can? Ki nemo wa wannan amsa kafin Alhamis.

Anti Rabi: Amsar tana cikin alƙaluman, Maman Amira, ki duba yawan waɗanda suka zube a C ki yi tunanin abin da yake faɗa game da asibitocinta. Ba zan faɗa miki ba, gara ta fito daga bakinki. Ki gama shafuka biyar ɗin yau. Gobe bayan isha'i ki kira ni ta bidiyo ki yi min a tsaye, zan riƙe agogo, kuma zan katse ki a shafi na biyu. Nura, idan kana da sarari ka shigo ka yi mata tambayar D.

Yaya Nura: In sha Allahu zan shigo. Ki turo PDF ɗin tun da yamma in duba lissafin teburin.